Bugun farko, tsohuwar taswira ko sabon bugu: wanne ya kamata ka saya?

Mai son ya mallaki wani abu na tarihin ƙasar Hausa da aka buga a Turai yakan tsinci kansa gaban zaɓi huɗu. Ko ya nemi bugun farko na littafin tafiye-tafiyen Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, a cikin bangonsa na asali. Ko ya ɗauki wannan bugun dai amma wanda aka sake wa bango daga baya. Ko ya sayi taswira guda ta ƙarni na 17 mai ɗauke da sunan Kano da Katsina. Ko kuma ya haƙura da sabon bugu na ƙarni na 20. Na zaɓi littafin Barth ne saboda ya shafe mu kai tsaye, shi ne ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851 ya rubuta abin da ya gani, kuma saboda duk tarkunan da mai saye ke faɗawa suna cikin wannan littafin.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne tabbacin shekara. Shekarar da aka buga a shafin farko da'awa ce kawai, sai an kawo shaidu. Shaidun nan uku ne: takarda, zubin baƙaƙe, da bango. Ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Takarda ita ce ta fi gaskiya. Kafin wajen 1800, yawancin takardar Turai da hannu ake yin ta daga tsummoki, ana ɗibar dagwalon a kan rariyar waya. Idan ka ɗaga irin wannan takarda ga haske za ka ga siraran layuka a matse da juna, sannan wasu masu ɗan kauri sun ratsa su a tsaye, tsakaninsu kamar santimita biyu da rabi. Sau da yawa akwai tambarin masana'anta a cikin jikin takardar. Duk wanda ya taɓa riƙe tsofaffin rubuce-rubucen malamanmu ya san takarda mai jinjirin wata uku da ake kawowa daga Italiya ta hanyar Sahara, to wannan tambarin ake nufi. Takarda mai sumul, marar layuka, ta fara bayyana a Ingila a 1757, amma ba ta yaɗu ba sai ƙarshen ƙarnin. Daga 1794 masana'antun Ingila da yawa suka riƙa saka shekara a cikin tambarin. Takardar markaɗen itace, wadda ke yin ja tana karyewa, ta mamaye kasuwa ne daga wajen 1870. Daga shekarun 1950 kuma aka fara zuba wa takarda sinadarin ƙara fari, wanda ke ƙyalli shuɗi idan an haska shi da tocilar duba jabun kuɗi.

Abin lura a nan shi ne takarda tana gaya maka cewa ba a buga littafin kafin shekara kaza ba. Ba ta gaya maka ranar da aka buga shi, domin tana iya zama a ajiye shekaru kafin ta shiga injin bugu. Da wannan ƙa'idar John Carter da Graham Pollard suka tona, a 1934, asirin jabun bugun farko da wani mai tara littafi, Thomas J. Wise, ya yaɗa. Ƙananan littattafai ne masu ɗauke da shekarun 1840, amma da aka duba zaren takardar sai aka sami ciyawar esparto da itacen da aka narka da sinadari, abubuwan da ba a fara amfani da su ba sai bayan 1860 da 1870. Suka kuma gano cewa zubin baƙaƙen na wata maɗaba'a ce ta Landan, kuma bai wanzu ba a shekarar da ake da'awa.

Baƙaƙe su ne shaida ta biyu. Doguwar "s" mai kama da "f" ta ɓace daga littattafan Ingilishi wajen 1800, haka ma al'adar saka kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan kowane shafi. Bayan zubin, akwai yadda tawada ta hau takarda. Baƙaƙen ƙarfe suna ɗan nitsewa, yatsa na jin su ta bayan shafi. Bugun zamani na ɗaukar hoto kuwa a shafe yake lumui.

Bango shi ne shaida mafi rauni, domin riga ce, ana iya cire ta a sa wata. Bangon kyalle na kamfanin buga littafi ya fara ne a shekarun 1820, rubutun zinariya a kan kyalle kuma a farkon shekarun 1830. Don haka littafin 1780 mai bangon kyalle kusan koyaushe daga baya aka yi masa bangon. Amma littafin 1857 cikin fata mai kama da ta da bai tsufa da kwana ɗaya ba saboda fatar. Abin da ke rikita sabon mai saye shi ne wannan shaidar mai rauni wajen tantance shekara ita ce kuma ke da babban kaso wajen yanke farashi.

Sauran ma'aunan su ne kuɗi, juriya a irin yanayinmu na laimar damina da bushewar hunturu da gara, sauƙin tantancewa ga wanda ba ƙwararre ba, da haɗarin a cuce ka.

Zaɓi na ɗaya: bugun farko cikin bangon asali

Littafin mai suna *Travels and Discoveries in North and Central Africa* ya fito a Landan daga kamfanin Longman cikin juzu'i biyar, uku na farko a 1857, biyun ƙarshe a 1858. A waɗannan shekarun ne kuma na Jamusanci ya fito a Gotha daga kamfanin Justus Perthes, shi ma juzu'i biyar. Cikakken na Landan yana da taswirori 15 da August Petermann ya tsara daga bayanan Barth, da hotuna 60 masu launi na bugun dutse, wato zanen da ake yi a kan shafaffen dutse a buga shi a takarda, waɗanda J. M. Bernatz ya zana daga zanen da Barth ya yi a hanya.

Me ya sa yake da tsada? Tsufa kaɗai ba ya ba littafi daraja, akwai littattafan wa'azi na ƙarni na 18 da ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba. Daraja tana zuwa ne idan abubuwa huɗu suka haɗu: littafin ya zama mai muhimmanci a fagensa, masu nemansa su fi kwafin da suka rage yawa, ya zama cikakke, kuma ya kasance yadda ya fito daga kamfani. Na Barth ya cika biyun farko tun tuni. Biyun ƙarshe su ne ke bambanta wannan kwafi da wancan, kuma mai kyau cikin kyallensa na asali a dubban fam ake maganarsa.

Bari mu ɗauka an turo maka hotunan juzu'i biyar an ce bugun farko ne. Ga yadda za ka bi su.

Fara da shafin suna na kowane juzu'i, ɗaya bayan ɗaya. An sake buga juzu'i uku na farko a 1857 ɗin, kuma waɗannan suna ɗauke da kalmomin *Second Edition*. Shekara ɗaya ce, kamanni ɗaya ne, shi ya sa ake yawan samun gauraye: ukun farko bugu na biyu, biyun ƙarshe bugun farko. Irin wannan littafi ne mai kyau, amma farashinsa ya kamata ya sauka, kuma dillali mai amana zai faɗa tun kafin a tambaye shi. Idan hoton juzu'i na huɗu da na biyar kaɗai aka nuna maka, ka nemi sauran.

Sai ƙirga. Kowane juzu'i yana da jerin hotuna da taswirori a farkonsa, tare da shafin da kowanne yake. Ka bi jerin da fensir. Juzu'i na biyu ne ke ɗauke da Katsina da Kano, kuma a cikinsa hoton birnin Kano daga dutsen Dala yake. Irin waɗannan hotuna su ake yankewa a sayar daban a cikin firam. Littafin da aka cire wa hoto ɗaya ya yi asarar da ta fi kuɗin hoton nesa ba kusa ba. Wani lokaci ana cike gurbin da hoto daga wani kwafi, ko da na zamani. Ka duba gefen takardar ko tsayinta ya yi daidai da maƙwabtanta, ka duba gindinta ko a ɗinke take ko an manna ta a kan wani ɗan tsiri. Sannan ka sa gilashin ƙara girma. Bugun dutse na gaskiya yana nuna tsaki-tsaki marasa tsari kamar yashi. Idan ka ga ɗigo-ɗigo a jere cikin layi, masu launi huɗu, to na injin zamani ne, domin wannan dabarar ba ta shigo littattafai ba sai ƙarshen ƙarni na 19.

Takardar 1857 ta inji ce, mai sumul, ba za ka ga layukan rariya ba, kuma hakan daidai ne. Ba ta ƙyalli a ƙarƙashin tocilar duba kuɗi. Ɗigon ja-ja mai kama da tsatsa a kan hotuna da shafukan da ke kusa da su abu ne da aka saba gani a littattafan wannan zamani, yana rage farashi kaɗan idan ya yi yawa, amma ba alamar jabu ba ne.

Daga ƙarshe bango. Kamfanonin lokacin ba sa ɗinke duk abin da suka buga a lokaci guda, kashi-kashi suke yi gwargwadon ciniki. Sau da yawa sukan saka jerin tallar littattafansu a ƙarshen juzu'i, mai ɗauke da wata da shekara. Idan akwai shi, yana gaya maka lokacin da aka ɗinke wannan kwafin, wanda zai iya zama bayan lokacin da aka buga shi. Ka kuma duba takardar da ke manne a cikin bango. Idan ta yi fari tas ko ta yi ƙyalli, an taɓa kwance littafin an gyara.

Wajen juriya wannan zaɓin shi ne mafi laushi. Juzu'an suna da nauyi, kyallen ya haura shekara 160, ƙashin bayansu yana tsagewa daga sama idan ana jawo su da yatsa. Taswirorin a naɗe suke, kuma duk buɗewa tana ƙara yaga su a gindi. Kyankyasai suna son kanzon da ke jikin kyalle, suna lashe shi su bar fari-fari. Wanda ba shi da kabad mai rufi nesa da bango da ƙasa, ina ba shi shawara da gaske kada ya kawo wannan littafi gida. Abin da ya tsira shekaru masu yawa a wani wuri bai kamata ya ƙare a damina biyu a hannunmu ba.

Zaɓi na biyu: bugun farko da aka sake wa bango

Cikin littafin ɗaya ne da na sama, duk binciken da na faɗa ya hau kansa. Bambancin yana ga bangon, kuma iri biyu ne. Akwai wanda mai shi na farko ya kai aka yi masa bangon fata tun a ƙarni na 19, kamar yadda masu hali ke yi a lokacin. Wannan yana da mutunci a kasuwa, wani lokaci ma har ya yi kusa da na kyalle idan aikin ya yi kyau. Akwai kuma wanda ɗakin karatu ko mai gyara na zamani ya sa wa sabon kyalle mai kauri. Wannan ya fi araha sosai, musamman idan akwai hatimin ɗakin karatu a shafukan.

Mai ɗinki yakan datse gefen shafuka don su daidaita, don haka littafin yakan rage tsawo, wuƙar ma takan ci rubutun da ke ƙasan hoto ko gefen taswira. Yakan kuma zubar da jerin talla da ƙaramin shafin suna na farko, wato wasu daga cikin shaidun shekara sun tafi. Sake bango kuma shi ne lokacin da ya fi sauƙi a haɗa juzu'ai daga wurare daban-daban a yi musu riga iri ɗaya, don haka a nan sai ka ƙara sa ido: launin takardar juzu'an ya yi daidai? Sunan mai shi na da, idan akwai, yana cikin duka biyar ɗin?

Tsohuwar fata ba ta son hunturu. Tana bushewa, gaɓar bango ta tsage, wata ma ta riƙa zama jan gari a hannu. Kada ka shafa mata man kaɗanya ko wani mai, zai ratsa ya ɓata takarda. Sabon kyalle kuwa ya fi duk sauran ƙarfi, shi ne wanda za ka iya buɗewa kana karantawa ba tare da fargaba ba.

A nan ne kuma ya kamata a ambaci bugun Harper na New York, juzu'i uku, 1857 zuwa 1859. Tsoho ne na gaskiya, kuma bugun farko ne a Amurka, amma ba shi masu tara littafi ke nufi ba idan suka ce bugun farko na Barth, kuma bai kamata a biya kuɗin na Landan a kansa ba.

Zaɓi na uku: taswira guda

Taswirorin ƙarni na 17 irin na gidan Blaeu na Amsterdam suna jan ido, kuma mutum yakan ji daɗi ya ga Cano da Casena da Zegzeg da Zanfara da Guber a kansu. Sunayen daga littafin Hasan al-Wazzan suke, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a Venice a 1550. Masu zanen taswira sun yi ta kwafar su daga juna kusan shekara ɗari biyu, shi ya sa abin da ke kan taswira ba ya isa a yanke mata shekara. Iyakaci ya ba ka iyaka. Wadda ta nuna kogin Kwara yana zuba a teku ta kudu yadda yake a zahiri, ka fara zargin bayan 1830 ce, shekarar da 'yan'uwan nan biyu Lander suka bi shi har bakinsa. Wadda ta rubuta sunan Nijeriya ba ta riga 1897 ba.

Wahalar taswira ita ce farantin jan ƙarfen da aka sassaƙa ta a kai yakan yi aiki shekaru da dama. Taswirar Afirka ta Willem Blaeu ta yi ta fitowa a kundayen gidan daga shekarun 1630 har zuwa na 1660. Don haka shekarar sassaƙa daban, shekarar buga wannan takarda da ke hannunka daban. Abin da ke raba su shi ne bayan takardar. Yawancin waɗannan taswirori daga cikin kundi aka ciro su, kuma bayansu akwai rubutu da Latin ko Holanci ko Faransanci ko Jamusanci, da lambar shafi, waɗanda ƙwararru ke gane bugun da su. Saboda haka kada ka sayi taswira a cikin firam ba ka ga bayanta ba, cinikin biri a sama ke nan.

Ta gaskiya tana da layukan rariya idan an ɗaga ta ga haske. Tana da karyar naɗi a tsakiya, sau da yawa da ragowar tsirin da aka manna ta da shi a kundi. Tana da zanen gefen faranti, wato ɗan lotsawa mai kusurwa huɗu da ke zagaye da hoton. Layukan tawadar suna ɗan tasowa, ba su da ɗigo. Idan launin na asali ne, koren yakan ratsa ya bar inuwa ruwan ƙasa a baya, domin da tsatsar jan ƙarfe ake haɗa shi. Ana iya ƙirƙirar lotsawar gefe, ana iya jiƙa takarda da shayi ta yi kama da tsohuwa, shi ya sa ba a dogara da alama ɗaya. An kwaikwayi taswirorin Blaeu da yawa a ƙarni na 20 don adon ɗaki, wasu kwaikwayon ma yanzu sun tsufa da kansu.

Wajen juriya, abin mamaki, takardar tsumma ta 1640 ta fi ta 1890 ƙarfi nesa. Maƙiyanta su ne hasken rana, da kwalin da ake sa mata a baya a firam, da salatif. Farashi kuma yana da faɗi sosai: taswirar yanki ta ƙarni na 18 marar launi tana iya zama ƙasa da juzu'i ɗaya na Barth, shahararriyar taswirar nahiya mai launin asali kuma ta fi duka biyar ɗin.

Zaɓi na huɗu: sabon bugu

Kamfanin Frank Cass na Landan ya sake fitar da littafin cikin juzu'i uku a 1965, shekara ɗari da rasuwar Barth. Baƙaƙen suna kama da na da saboda hoton tsohon bugu aka ɗauka, amma shafin a shafe yake, kuma sunan kamfani da shekara suna rubuce a fili. Babu abin tantancewa mai wuya, babu haɗari sosai, kuma kuɗinsa ɗan kaso ne na bugun farko. Sai dai ka bambanta shi da littattafan da ake bugawa yanzu ɗaya-ɗaya daga hoton intanet, waɗanda taswirorinsu kan fito a naɗe yadda aka ɗauke su, ba sa karantuwa. Hoton bugun farko ɗin kansa yana nan kyauta a shafin intanet na Internet Archive, kuma ko wane zaɓi ka yi zai yi maka amfani wajen ƙirga hotuna da kwatanta shafuka.

| Zaɓi | Kuɗi | Juriya | Sauƙin tantancewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Bugun farko, bangon asali | Mafi tsada | Rauni | Matsakaici | Hoto ko taswira ta ɓace, bugu na biyu a ciki |
| Bugun farko, sabon bango | Matsakaici zuwa tsada | Fata rauni, sabon kyalle ƙarfi | Ya fi wuya | Juzu'ai gauraye, gefe a datse |
| Taswira guda | Daga araha zuwa tsada sosai | Ƙarfi, in an kare ta daga rana | Mafi wuya | Kwaikwayo, launin zamani |
| Bugun 1965 | Araha | Ƙarfi | Mai sauƙi | Kaɗan |

Wa ya dace da wanne

Ɗalibi ko malami da ke son ya karanta ya yi nazari, ya ɗauki bugun 1965, ya haɗa da hoton bugun farko don ganin taswirorin da hotunan. Abin da Barth ya faɗa game da kasuwar Kano da masaƙanta bai canza ba don takarda ta canza.

Wanda yake son ainihin hotunan da taswirorin a hannunsa, yana kuma so ya riƙa buɗewa yana nuna wa baƙi da ɗalibai, bugun farko mai sabon bango mai ƙarfi ya fi masa, muddin an ƙirga an tabbatar cikakke ne. A ganina wannan ne ya fi dacewa da ɗakin karatu na makaranta ko na fada. Gara cikakke mai hatimin ɗakin karatu da kyakkyawa wanda babu hoton Dala a ciki.

Mai tara littafi da ke tunanin daraja ta gaba, kuma yana da wurin ajiya mai kyau, ya jira na bangon asali, duka biyar bugun farko. Ya saya daga dillalin da zai rubuta masa adadin hotuna da taswirori da duk gyaran da aka yi, ya kuma yarda a mayar idan bayanin bai yi daidai ba.

Mai son abin ratayewa a zaure ko ofis, taswira ce tasa. Idan ado kawai yake so, ya sayi kwaikwayo da saninsa a farashin kwaikwayo. Idan ta gaskiya yake so, ya fara da ƙarama ta ƙarni na 18, ya nemi hoton bayanta da hotonta a gaban haske kafin ya biya, a sa mata kwali marar asid, a rataye ta a bangon da rana ba ta kaiwa.